Suna ɗaya, rubutu uku: wanne zan gyara, wanne zan bari?

Usman M. S.:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar takardu, kuma lokaci ya ƙure mini. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Birtaniya, saura mako bakwai in shigar da takardun biza. Jiya makarantar ta rubuto mini cewa sunan da ke kan digirina bai yi daidai da na fasfo ba, in yi bayani. Da na baje takarduna a kan tabarma sai na ga ashe abin ya fi haka.

Sunana Usman, mahaifina Muhammad, kakana Sa'idu. Ga yadda suke a rubuce:

WAEC da digiri: MUHAMMAD USMAN SA'IDU
NIN da fasfo: MOHAMMED USMAN SAIDU
Banki: USMAN MOH'D S.

Na bankin ni na rubuta shi haka da hannuna a 2015, lokacin da ake layin BVN. Na NIN kuma yaron da ya yi mini rajista a wani shago a 2021 ne ya buga shi, ni kuma ban duba ba saboda ana tsoron a rufe layukan waya. Fasfo na yi shi a 2022, sai 2027 zai ƙare. Daga ina zan fara?

Baban Halifa:
Wa alaikumus salam. Malam Usman kwantar da hankalinka, wannan ba komai ba ne. Ka je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan naka ne, ka buga a jarida, shi ke nan. Rana ɗaya ka gama. Haka na yi wa ƙanina lokacin da zai shiga aiki, har yau babu wanda ya sake tambayarsa.

Malam Garba:
Baban Halifa, rabin maganarka daidai ne, amma in ya tsaya a nan zai sha wahala. Na yi shekara goma sha tara a sashen kula da asusun jama'a a banki kafin in ajiye aiki, kuma wannan matsalar kusan kullum sai ta zo teburina.

Takardar rantsuwa ba ta canza komai a ko'ina. Shaida ce kawai da kake riƙewa a hannu. In mutum ne zaune yana duba takardunka, kamar jami'in da ya ɗauki ƙaninka aiki, zai karanta ya gamsu. Amma in na'ura ce take haɗa sunan BVN da na NIN, ba ta karanta rantsuwa. Harafi take kwatantawa da harafi, gurbi da gurbi. Don haka abu na farko, Usman, ka raba takardunka gida biyu: waɗanda na'ura ke kwatantawa da juna, wato NIN da BVN da fasfo, da kuma waɗanda ɗan Adam ke dubawa da ido, wato satifiket. Na farkon gyara suke so na gaske. Na biyun rantsuwa tana iya ɗaukarsu.

Kafin in ci gaba, duba mini abu ɗaya. A takardar NIN ɗinka, mene ne a gurbin Surname? Sannan ka je banki ka ce su nuna maka yadda sunanka yake a BVN, gurbi-gurbi, ba yadda yake fitowa a saƙon waya ba.

Usman M. S.:
Na gode Baba. A NIN, Surname MOHAMMED ne, First Name USMAN, Middle Name SAIDU. Fasfo ma haka. Na bankin ina da hoton fom ɗin da na cike tun wancan lokacin: Surname na sa USMAN, First Name MOH'D, sai S. a tsakiya.

Malam Garba:
To ka ga inda babban ciwon yake. Kai kana kallon Muhammad da Mohammed, alhali na bankin ya fi muni nesa ba kusa ba. Matsala uku ce a layi ɗaya: an juya gurbin suna, an taƙaita sunan mahaifi, sunan kaka kuma ya koma harafi guda. A idon na'ura, mai asusun nan sunan gidansu Usman, mai fasfon kuma sunan gidansu Mohammed. Mutum biyu ke nan.

Wannan juyin ba kai kaɗai ya sama ba. Mu a al'adarmu babu sunan gida da ake gada kamar na Turawa. Sunanka, sai na mahaifinka, sai na kaka ko na gari. Shi ya sa aka san manyanmu da Aminu Kano, da Shehu Shagari. Sai fom ya zo ya sa Surname a layin farko, mutum ya ga gurbin farko ne, ya rubuta sunansa na yanka a ciki. Na ga haka ba adadi.

Sadik Funtuwa:
Ni a ganina me zai hana ya sake sabuwar NIN kawai da sunan da yake so? Ya je wani gari daban ya yi. Ko ya buɗe sabon asusu a wani bankin da sunan fasfo, ya bar tsohon.

Malam Garba:
Sadik, don Allah kada ka sake ba wani wannan shawarar. NIN da hoton yatsu ake yin ta, kuma mutum ɗaya lamba ɗaya ce har ya mutu. In ya sake rajista za a gano yatsun sun taɓa shiga, kuma yin rajista sau biyu laifi ne a doka. Daga matsalar harafi biyu sai ya koma mai amsa tambayar me ya sa ya nemi lamba ta biyu. Sabon asusun ma ba mafita ba ne, domin duk bankin da ya je BVN ɗin nan guda za su jawo, da sunan da ke kanta.

Sadik Funtuwa:
Allah ya ba da haƙuri Malam, ban san abin ya kai haka ba. Na janye.

Hajiya Binta:
Sannunku da ƙoƙari. Ni a ofishin rajistara na wata jami'a nake aiki, bari in faɗi abin da ya shafi ɓangarenmu. Usman ɗana, cire rai daga canza sunan da ke kan digirinka. Sunan da muke bugawa a satifiket shi ne wanda majalisar jami'a ta amince da shi a jerin waɗanda suka kammala, shi kuma ya samo asali ne daga sunan da ɗalibi ya shigo da shi ta JAMB. In kuskuren namu ne, misali ka shigo da Muhammad mu muka buga Muhammed, za ka rubuto a duba fayil a sake bugawa. Amma naka babu kuskure a ciki. Da MUHAMMAD USMAN SA'IDU ka shigo, da shi ka fita. Babu dalilin da za a taɓa shi don wata takarda da aka yi bayan ka kammala ta zo da wani rubutun. Na WAEC ma da ya shekara goma da fita kada ka sa rai.

Abin da za mu iya yi maka shi ne wasiƙa a kan takardar jami'a mai tambari, da sa hannun rajistara, cewa mai lambar ɗalibi kaza, wanda aka ba digiri kaza a shekara kaza da sunan MUHAMMAD USMAN SA'IDU, shi ne mai fasfo da sunan MOHAMMED USMAN SAIDU. Ka zo da kwafin fasfo da rantsuwar kotu da katinka na ɗalibi in yana nan. Ba kowace jami'a ce ke saurin bayarwa ba, amma ka nema. Makarantun waje suna girmama ta domin daga inda digirin ya fito take.

Ra'ayina kuma, tunda satifiket shi ne ba ya motsi, sauran ne ya kamata su bi shi. Ka mayar da NIN ta koma Muhammad, fasfo ya bi ta, banki ya bi su. Ka huta har abada.

Malam Garba:
Hajiya, a ƙa'ida ina tare da ke ɗari bisa ɗari: abin da ba ya gyaruwa shi ake mayarwa ma'auni. Da Usman ya zo mana da wata shida a hannu, haka zan ce ya yi. Amma mu lissafa mako bakwai ɗin nan.

Fasfo yanzu daga NIN yake ɗauko suna. Ba za a karɓi gyaran fasfo ba sai NIN ta riga ta canza. Ke nan sai ya shiga shafin gyaran bayanai na NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ya ɗora rantsuwa da jarida, ya biya, ya jira amincewa. Bayan an amince sai ya jira sabon sunan ya bayyana a wajen hukumar shige da fice. Sannan ya nemi canjin bayanai a fasfo, wanda ba a cikin tsohon littafin ake gogewa a rubuta ba. Sabon littafi ake bugawa da sabuwar lamba. Takardar da makarantar za ta ba shi ta neman biza kuwa, wadda suke kira CAS, da lambar fasfo take fita. Matakai uku ke nan a jere, kowanne sai na gabansa ya kammala, kuma babu wanda ke hannunsa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ya makale a tsakiya: NIN ta koma MUHAMMAD, fasfo yana nan MOHAMMED, ranar biza ta zo. A yanzu aƙalla waɗannan biyun sun yarda da juna. Kada a raba su a wannan lokacin.

Hajiya Binta:
Na fahimci lissafinka Malam Garba, kuma ban musa ba. Damuwata ita ce gaba. In ya tafi da wannan fasfon, digirinsa na biyu da MOHAMMED zai fito, domin can sunan fasfo suke bi. Sai ya dawo da satifiket biyu a Muhammad, ɗaya a Mohammed. Daga nan babu ɓangaren da zai gyara ya ce ya gama. Rantsuwar nan zai yi ta yawo da ita har ya yi ritaya.

Malam Garba:
Gaskiya ne, wannan shi ne kuɗin da zai biya. Ni dai a wurina ɗaukar takarda guda a jaka ya fi rasa gurbin karatu sauƙi.

Maman Hanifa:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni bayan aure na je banki na sa sunan maigidana a madadin na mahaifina, don wata ƙawata ta ce haka ake yi. Satifiket ɗina na kwalejin ilimi da NIN duk sunan mahaifina ne. Yanzu an ɗauke ni koyarwa, an ce albashi ba zai shiga ba sai sunan asusu ya dace da na takardar ɗaukar aiki. Ni ma rantsuwar zan yi?

Malam Garba:
Maman Hanifa, taki ta bambanta da ta Usman. Shi rubutun suna ɗaya ne ya saɓa, ke kuma suna ne sukutum ya canza, kuma bankuna suna bambanta biyun. Gyaran harafi katin shaida kawai yakan wadatar. Canjin suna cikakke sai da hujja. Ki tafi da takardar NIN, da takardar aure don su ga inda sunan maigidan ya fito, da rantsuwar kotu, ki ce a mayar da BVN da asusu zuwa sunan da ke NIN. Wataƙila su nemi jarida. Tunda NIN da satifiket da takardar aiki duk sun haɗu a kan sunan mahaifinki, bankin ne kaɗai zai motsa.

Hajiya Binta:
Kuma 'yata, babu dokar da ta tilasta wa mace ɗaukar sunan miji, addini ma da mahaifinki ya ce a kira ki. Ɗalibai mata nawa na gani suna kuka a ofis saboda wannan canjin. Ki koma sunanki ki zauna a kai.

Barista Nura:
Na karanta daga sama. Bari in ƙara a kan rantsuwar, domin a nan mutane suke ɓata abin da suka zo gyarawa.

Iri biyu ce, kuma masu buga takardu a bakin kotu sukan haɗa su. Akwai ta canjin suna, mai cewa da ana kirana kaza, yanzu ina so a kira ni kaza. Akwai kuma ta tabbatar da cewa sunaye daban-daban na mutum ɗaya ne. Usman, ta biyun kake buƙata. Ba ka canza suna ba, ba ka kuma yar da Muhammad ba. In ka rantse cewa ka canza, ka faɗi abin da bai faru ba, kuma gobe in ka so mayar da NIN zuwa Muhammad, rantsuwarka ce za ta tsaya maka a gaba.

A cikinta ka jera kowane rubutu tare da takardar da yake kai: wannan a satifiket ɗin WAEC mai lamba kaza, wannan a digiri, wannan a fasfo mai lamba kaza, wannan a asusun banki. Ka kwafe su harafi da harafi, har da ɗigon da ke bayan S da alamar da ke cikin MOH'D. Sai ranar haihuwarka, sai jumlar da ke cewa duka kai ne. A gaban kwamishinan rantsuwa na babbar kotu za ka sa hannu, da kanka, da hotonka, ka karɓi rasit. Kada ka ba wani ya kawo maka ita gida da hatimi.

Kuma ka karanta kafin ka sa hannu. Na taɓa karɓar rantsuwar wani da ya zo daidaita rubutu uku, mai bugawar ya rubuta masa MUHAMMED, wanda babu shi a ko ɗaya cikin takardunsa. Ya fita kotu da rubutu na huɗu, kuma wannan karon da rantsuwa a kai.

Tunda waje za ta, ka tambayi makarantar ko suna son hatimin lauya mai notari a kanta. Wasu suna nema, wasu ba ruwansu.

Baban Halifa:
Barista, to jaridar fa? Ni na ɗauka dole ce.

Barista Nura:
Ya danganta da wanda zai karɓa. Don makarantar Birtaniya, sanarwa a jaridar Najeriya ba ta ƙara musu komai a kan rantsuwa da wasiƙar jami'a. Amma in zai gyara NIN ko fasfo daga baya za a nema, banki ma yana iya nema. In zai buga, kalmomin su dace da na rantsuwar, kuma ya ajiye shafin gaba ɗaya mai ɗauke da sunan jaridar da kwanan wata, ba ɗan yankin da aka datse da almakashi ba.

Usman M. S.:
Allah ya saka da alheri. Saura SA'IDU da SAIDU. Shi ma sai na gyara?

Malam Garba:
Wannan bar shi, ba ciwo ba ne. Buɗe shafin hotonka a fasfo ka dubi layuka biyu na can ƙasa, waɗanda na'urar filin jirgi ke karantawa. Kowane layi gurbi 44 ne, kuma haruffan A zuwa Z da lambobi da alamar < kaɗai ke shiga. Naka na farko zai kasance haka:

```
P<NGAMOHAMMED<<USMAN<SAIDU<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Abin da ke gaban alamomi biyun nan shi ne sunan gida, na bayansu sunayenka. A ƙa'idar fasfo ta duniya, ɗaurin da ke cikin Sa'idu zubar da shi ake yi a wannan layin, ko da an rubuta shi a sama. Haka Sa'adatu take komawa SAADATU, Mu'azu ya koma MUAZU. Haruffanmu masu lanƙwasa ma ba su da gurbi, Ɗanjuma DANJUMA zai fito. Duk jami'in da ya saba da fasfo ya san haka. Ka dai sa shi cikin rantsuwar don cikawa. In ka zo sayen tikitin jirgi ko cike fom ɗin biza, daga wannan layin za ka kwafa.

Usman M. S.:
Na duba Baba, wallahi haka yake daidai yadda ka rubuta.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaishe da mutanen Najeriya. Mu nan namu ya ɗan bambanta. Boko da Faransanci muka yi, don haka Usman OUSMANE ne, Muhammad kuma MAHAMADOU ko MAHAMANE, Abubakar ABOUBACAR. Kuma a wurinmu takardar haihuwa ita ce uwa. Katin ɗan ƙasa da fasfo daga gare ta suke kwafa, in kuskure yana cikinta sai an je kotu alƙali ya ba da hukuncin gyara. Rantsuwar mutum shi kaɗai ba ta isa. Ɗan yayana a Katsina ya yi karatu, satifiket ɗinsa ABUBAKAR, fasfonsa na Nijar ABOUBACAR. Da ya nemi aiki a Yamai sai da aka haɗa da wasiƙar makarantar, irin wadda Hajiya ta faɗa. Shi ya sa na yi mamaki da ban ji wanda ya tambayi Usman takardar haihuwarsa ba.

Barista Nura:
Tambayarka tana kan hanya, Ɗan Maraɗi. Usman, in kana da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko ta asibiti, duba yadda aka rubuta. Ba za ta canza abin da za ka yi a makonnin nan ba, amma ranar da za ka nemi gyaran NIN, in Muhammad ke jikinta, ta zama hujjar cewa shi ne na asali.

Alhaji Tanko:
Ni ba masani ba ne, amma abin ya ci ni. Shekara talatin da biyar na yi ina aiki da sunan ABDULLAHI, asusun fanshona kuma ABDULLAH aka rubuta, babu harafin ƙarshe. Ina ganin takardar kowane wata uku ban taɓa kulawa ba. Sai da na yi ritaya aka ce sai an sabunta bayanaina sun dace da NIN kafin a fara biya. Wata biyar ina zirga-zirga, ga iyali. Don haka ni ina bayan Hajiya. Yaro, ko ka tafi da rantsuwa yanzu, kada ka bar abin nan ya tsufa tare da kai. Ƙarfin bin ofisoshi da kake da shi yau ba za ka same shi kana da shekara sittin ba.

Malam Garba:
Allah ya ƙara lafiya Alhaji. To Usman, bari in faɗa maka yadda za ka yi da bankin, tunda shi ne ba ya jira. Ko ba don biza ba dole ka gyara shi, domin tun Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya umarci a haɗa manyan asusai da BVN da NIN duka biyu.

Gobe da safe ka fara da kotu. Daga nan ka wuce reshen bankinka da rantsuwar, da takardar NIN, da fasfo na asali da kwafinsa. Ka nemi fom ɗin gyaran bayanan BVN. Ka cike gurbi uku daidai da NIN: Surname MOHAMMED, First Name USMAN, Middle Name SAIDU, babu taƙaitawa.

Ga inda mutane da yawa suke tsayawa da wuri. Sunan BVN daban, sunan asusu daban. BVN tana can a rumbun NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya, sunan asusu kuma yana cikin na'urar bankinka. Ana iya gyara ɗaya a bar ɗayan. Ka ce a gyara maka duka biyun, kuma in kana da asusu a wani bankin, can ma sai ka je da ƙafarka. Yadda za ka gane an gama: ka sa wani ya shigar da lambar asusunka kamar zai turo maka kuɗi daga wani banki, ya karanto maka sunan da ya fito. Sannan ka karɓi bayanin asusu na kwana ɗaya ka dubi sunan da ke samansa. In har yanzu MOH'D ne, aiki bai ƙare ba, ko me aka gaya maka a kanta.

Sai an ga sabon sunan za ka buga bayanin asusun da za ka kai wa biza. Birtaniya tana son kuɗin ya zauna kwana 28 a jere ba tare da ya sauka ƙasa da adadin da ake nema ba. Gyaran suna ba ya taɓa lambar asusu ko tarihin kuɗin, don haka kwanakin da kuɗin ya riga ya yi ba su ɓace ba. Amma da ka bi shawarar buɗe sabon asusu, da lissafin daga farko zai soma.

Barista Nura:
Ƙari ɗaya. Fom ɗin bizar yana tambaya ko an taɓa saninka da wani suna. Kada ka ce a'a alhali digirin da ka miƙa yana ɗauke da wani rubutun. Ka sa MUHAMMAD USMAN SA'IDU a wurin, ka haɗa rantsuwar. Bambancin da ka bayyana da kanka ba ya zama zargi.

Usman M. S.:
Jama'a na dawo da labari bayan kwana tara. Na yi rantsuwar kamar yadda Barista ya ce, sai da na sa aka sake bugawa sau ɗaya don an cire ɗaurin MOH'D. A banki BVN ta canza tun a kwana na uku, amma da ƙanwata ta gwada turo kuɗi sai tsohon sunan ya fito, daidai yadda Baba Garba ya faɗa. Na koma na cike wani fom, shekaranjiya ya daidaita. Wasiƙar jami'a ta fito jiya, na tura tare da rantsuwar, yau da rana makarantar ta amsa cewa sun gamsu za su ci gaba da shirya CAS da sunan fasfo. Takardar haihuwata kuma na same ta a wajen Hajiyarmu, MUHAMMAD ne a jiki.

Abin da ya rage mini a rai shi ne 2027. Fasfon zai ƙare, kuma a lokacin ne gyara zai fi sauƙi tunda dama sabon littafi za a buga. Amma digirin da zan samo MOHAMMED zai ɗauka. Kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, Muhammad yake rubutawa.

Hajiya Binta:
Amin. Barka da wannan. Ni har yanzu Muhammad zan ce maka: takardar haihuwa, WAEC, digirin farko, uku ke nan a gefe ɗaya. Kuma in ka isa can, ka tambayi ofishin rajistarsu tun a zangon farko wane rubutu za su iya sa wa a satifiket in ka kawo hujja. Kada ka bari sai an buga.

Malam Garba:
Tambayar ba ta da illa, ya yi ta. Amma Hajiya, in ya koma Muhammad a 2027 sai ya sake bin NIN, da fasfo, da BVN, da kowane asusu, ga kuma izinin zamansa na can da yake ɗaure da tsohon rubutun. Usman, kana da niyyar tsayawa aiki ko digiri na uku a can, ko kana gamawa gida za ka dawo? Ka fara amsa mini wannan tukuna.